Wasiƙar Malam Shimfiɗa ta koma shafi ɗaya

Mai shagon wanki da guga da ke bayan tashar mota ba a kiransa da sunansa na gaskiya. Malam Shimfiɗa ake ce masa, saboda bai taɓa shiga magana ba tare da ya yi mata shimfiɗa ba, kuma sau da yawa kafin ya gama shimfiɗar mai sauraro ya tashi. In ka tambaye shi ko rigarka ta fito, zai fara maka daga ranar da aka ɗauke ruwan famfo, ya bi ta kan tsadar sabulu, ya gangaro kan irin yadin rigar, sannan ya juya ya ɗauko ta a bayansa, inda take rataye tun jiya. Mutane sun saba. Masu sauri sukan jira sai matarsa ce a kan kantar shagon.

A aiki kuwa ba a kama shi da laifi. Da dutsen guga na gawayi ya fara, a ƙarƙashin matakalar wani bene, tun gashinsa yana baƙi. Kowace riga sai ya ɗinka mata alama da zare a cikin wuya, kuma har yau ba wanda ya taɓa karɓar wandon wani. Wannan ne ya sa wani otal ya ba shi aikin zannuwan gado da tawul, aikin da hannu ba zai iya ba. Sai ya je banki ya ci bashi, ya sayi injin wanki da injin busarwa, ya jinginar da su ga bankin. Yayansa, wanda ke riƙe da sito a wani kamfanin fenti, shi ya tsaya masa.

Wata goma sha shida yana biya, ranar ashirin da biyar ga kowane wata, bai taɓa makara ba. Ana cikin haka otal ɗin ya aiko da takarda cewa zai rufe don gyara, ba zai buɗe ba sai farkon Yuli. Injinan nan biyu suka tsaya suna kallon Malam Shimfiɗa, shi ma yana kallonsu. Rigunan 'yan unguwa za su ciyar da gida, amma ba za su fitar da dubu ɗari da ashirin na uwar kuɗi duk wata ba, balle a ɗora kuɗin ruwa a kai.

Jami'ar da ke kula da bashinsa mace ce mai tabarau, mai duba agogo. Da ya je banki, ta saurare shi iya haƙurinta, sannan ta ce ya yi daidai da ya zo tun biya bai kuɓuce masa ba, domin banki ya fi sauƙin kai ga wanda ya nemi sassauci kafin ya gaza. Suka zauna suka yi lissafi. Ta ce ya je ya rubuta wasiƙar neman a sake tsara biyan, ya sa waɗannan lambobi da ranaku, wanda ya tsaya masa ya sa hannu, ya kawo. In ba a amince ba kafin ashirin da biyar ga Afrilu, tsohon tsari na nan, kuma in biyan ya faɗi, hanyar da za ta kai ga ɗauke injinan ta buɗe.

Rabon Malam Shimfiɗa da ya samu wanda zai saurare shi har ƙarshe an daɗe, ga shi takarda ba ta duba agogo. Ya zauna a kan teburin guga ya rubuta. Shafin farko gaisuwa ce: manaja, mataimakinsa, jami'ar, da mai gadin ƙofa wanda ya taɓa riƙe masa lema. Shafi na biyu tarihin dutsen gawayi ne. Na uku bayanin injinan, da yadda yake goge su duk yamma. A na huɗu ya yi wa otal ɗin uzuri, don kada banki ya ɗauka mutanen banza ne, sai can ƙasa lambobi suka fara leƙowa, suka tsallaka shafi na biyar a tsakanin labarin haƙorin matarsa da kuɗin makarantar yara. Na shida kuwa yabon Yaya ne da addu'a.

Mai buga takardu da ke kusa da gidan waya, wadda ke cajin kuɗinta a kan kowane shafi, ta ce tun da ta buɗe shago ba ta ga wasiƙa mai ratsa zuciya irin wannan ba, har ta ba da shawarar a ƙara wani abu game da wutar lantarki. Yaya kuma, da aka kai masa a sito, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya tambaya ina aka ambace shi. Aka nuna masa. Ya karanta wurin sau biyu, ya gyara zama, ya ce yaron nan ashe kana da hankali, ya sa hannu a ƙarshe ya koma kan gwangwanayensa.

Ranar Litinin jami'ar ta karɓi wasiƙar, ta ɗaga shafi ɗaya bayan ɗaya tana neman inda kuɗi yake. Da ta gano shi, sai ta mayar da ita ta kan tebur. Ta ce kwamitin bashi zai zauna ranar Alhamis, buƙatu sun fi arba'in a gabansu, kuma kowace buƙata shafi ɗaya ake buɗe mata. In suka buɗe nasa za su tarar da mai gadi da lema.

“Shafi ɗaya, Malam, zuwa azahar ɗin Laraba. Ka rage duk abin da ka ga dama, amma kada ka taɓa lamba ko kwanan wata. Na riga na shigar da su a lissafina. In naka ya saɓa da nawa ko da sisi ne, za su dawo da ita.”

Ya fara bayyana mata cewa kowane shafi yana jingine ne da ɗan'uwansa. Ta duba agogo.

Mai buga takardu ba ta ga abin damuwa ba. Ta ce shafi ɗaya suka ce, ba su ce a zubar da magana ba. Ta ƙanƙance rubutun, ta cinye gefe da gefe, ta matse layi a kan layi, ta cika takarda gaba da baya, ta kuma caji kuɗin shafi shida tunda aikin shafi shida ne a ciki. Malam Shimfiɗa ya fito yana jin daɗi, ko kalma ɗaya ba ta mutu ba. Ya nufi banki da ita. Jami'ar ta cire tabarau, ta mayar, ta kai takardar bakin taga. Ta tambaye shi ko shi da kansa zai iya karanta mata layin farko. Ya kawo ta kusa da hanci, ya nisantar da ita iya tsawon hannu, ya ce ai ya san abin da ke ciki da ka. Ta ce kwamiti bai sani ba.

Ya koma shago ya zauna ya yi ragin da kansa. Ya yi tunani mai tsawo a kan abin da banki ya sani da abin da bai sani ba. Kuɗi dai nasu ne, suna da shi a kwamfuta, ba sa buƙatar mai wanki ya tuna musu. Abin da ba su sani ba shi ne wane ne shi. Saboda haka ya soke lambobin gaba ɗaya, ya rubuta “ragowar abin da kuka sani” a gurbinsu. Inda ranaku suke ya sa “da zarar hali ya samu”. Gaisuwa ta tsira, dutsen gawayi ya tsira, rabin yabon Yaya ya tsira, kuma duka suka shiga shafi ɗaya cif.

Matarsa ce ke riƙe da kantar shago da aljihun kuɗi da rana, kuma ita ce mutum ɗaya a duniya da ke iya katse shi ba tare da ya ji haushi ba, ko kuma ya ji ya haɗiye. Ta karanta, ta ajiye, ta ce Malam, wannan wasiƙar neman aiki ce ko ta neman sassauci? Ta ce in wani ya kawo mata kaya ya ce a wanke “abin da kika sani” zai zo karɓa “da zarar hali ya samu”, shi da kansa zai bi mutumin har titi da takardar shaida.

Ta ɗauko almakashi da kwafin shafi shidan, ta yanka shi sakin layi sakin layi, ta baje a kan teburin guga. Ta ce za a ware su yadda ake ware kaya. Tuli na farko, abin da kwamiti ba zai iya yanke hukunci ba sai da shi. Na biyu, abin da wata takarda za ta faɗa a madadinsa. Na uku, abin da zai iya gaya mata ita in an tashi aiki, tunda dama ita aka ɗora wa wannan.

An yi ciniki a kan kowane ƙyalle. Uzurin otal, shafi guda, ya koma tuli na biyu: za a maƙala takardar otal ɗin da kanta, mai ɗauke da ranar buɗewa. Tarihin riƙon amanarsa ya koma layi ɗaya, wata goma sha shida ba makara, da bayanan asusu a maƙale. Ya roƙi a bar dutsen gawayi ko da rabin layi ne, ta ce dutsen bai ci bashi ba. Ya ce to haƙorinta fa, ai shi ne zai sa su ji tausayi. Ta ce haƙorinta ba zai shiga banki ba. Da suka zo kan kuɗin ruwa, ya so a rubuta “kimanin dubu ashirin” don ya fi daɗin karatu, ta tuna masa maganar sisi. Mai gadi shi ne na ƙarshe da ya faɗi, kuma Malam Shimfiɗa ya daɗe yana riƙe da wannan ƙyallen kafin ya sake shi.

Abin da ya rage, bayan adireshi da lambar asusu da gaisuwar layi ɗaya, shi ne wannan:

“Ragowar uwar kuɗin da ake bina 960,000 ne, ina biyan 120,000 duk wata tare da kuɗin ruwa, wa'adi na ƙarshe 25 ga Nuwamba na bana. Na biya wata goma sha shida ba makara. Otal ɗin da ke ba ni mafi yawan aiki ya rufe don gyara zuwa farkon Yuli. Takardarsa na maƙale. Ina roƙon a ba ni damar biyan kuɗin ruwa kaɗai, 19,200, a ranakun 25 ga Afrilu, 25 ga Mayu da 25 ga Yuni. Daga 25 ga Yuli in riƙa biyan 80,000 na uwar kuɗi duk wata tare da kuɗin ruwa, sau goma sha biyu, biya na ƙarshe 25 ga Yuni na baɗi. Wanda ya tsaya mini ya amince, sa hannunsa na ƙasa.”

Mai buga takardu ta buga ta fuska a murtuke, ta ce wasiƙar ta rame. Malam Shimfiɗa ma haka ya gani. Ya ɗauke ta kamar mai ɗauke da rigar da ta shige a wanki, ya nufi gidan Yaya da yammacin Talata, tunda sabuwar takarda sabon sa hannu take so. A hanya yana ta shirya yadda zai ba da haƙuri a kan yabon da aka cire.

Yaya bai ko lura da yabon ba. Yana zaune a barandarsa da rediyo a cinya, ya karɓi takardar, ya cire murfin biro, ya ga gajera ce, sai ya karanta. Ya kai ƙarshe ya koma farko. Ya mayar da murfin biro.

“Yunin baɗi?”

Malam Shimfiɗa ya ce ai haka yake a wadda ya sa wa hannu, shafi na biyar, ƙarƙashin kuɗin makaranta. Yaya ya ce shi bai ga wani Yuni ba, kuma duk wanda ya binne Yuni a shafi na biyar ya san abin da yake yi. Ya kashe rediyo. Ya ce a ƙarshen Disamba zai yi ritaya, ƙaninsa ya sani. A wannan bankin albashinsa ke shiga, a nan kuɗin sallamarsa zai sauka a Janairu. Lokacin da ya tsaya masa ya ƙirga da yatsa, ya ga Nuwamba na gaba da Janairu, shi ya sa ya yarda. Yanzu ana so kuɗin shekara talatin da yake shaƙar fenti su zo su zauna a gaban mutanen da ke da takardar izinin taɓa su, saboda zannuwan gadon wasu baƙi.

Sai ya kawo mafita. Ya ce tunda ana ta rage wasiƙa, a rage wannan ma: a goge Yunin baɗi a sa Disamban bana, kalma biyu ce. Malam Shimfiɗa ya yi ƙoƙarin nuna masa cewa ranar ba ita kaɗai take tafiya ba. Daga Yuli zuwa Disamba biya shida ne, dubu ɗari tara da sittin a raba shida ya zama dubu ɗari da sittin duk wata, wato wanda ya kasa ɗaukar ɗari da ashirin ya rubuta da hannunsa a ƙara masa arba'in. Amma da yake shi ne, sai ya fara daga ranar da mahaifinsu ya riƙe hannayensu su biyu. Kafin ya iso kan rabawar, Yaya ya shige ciki, matar Yaya ta fito ta ce yana gaishe shi, kansa na ciwo.

Da safiyar Laraba matarsa ta ce kada ya sake yi wa Yaya bayani, ya kai shi wurin mai duba agogo. Yaya ya yarda ya je, don yana da tasa buƙatar: a zare sunansa. Ya sa rigarsa ta zuwa ofis, ya zauna a gaban jami'ar ya faɗi haka ba shimfiɗa, yana kallon ƙaninsa ta gefen ido don ya ga yadda ake magana.

Ta ce ba a zare suna sai an gama biya, ko an kawo wani da banki ya bincika ya karɓa, kuma wannan ba aikin kwana ɗaya ba ne. Ta ce ba dole ya sa hannu ba, haƙƙinsa ne. In bai sa ba, wasiƙar ba za ta shiga kwamiti ba, tsohon tsari ya tsaya. In biyan Afrilu ya faɗi, tara za ta hau, takardun gargaɗi su biyo baya, daga nan a zo kan injinan. Injin da aka yi aiki da shi ba ya kawo kuɗin sabo a gwanjo. Abin da ya rage kuwa, ta ɗaga kai ta dube shi, an san inda albashinsa ke shiga.

Yaya ya tambaya, wato in ya sa hannu wataƙila a taɓa shi baɗi, in bai sa ba a taɓa shi bana? Ta ce ita ba ta faɗi haka ba, amma bai yi kuskuren lissafi ba.

Malam Shimfiɗa ya buɗe baki, jami'ar da Yaya suka ɗaga masa hannu a tare. Can Yaya ya jawo takardar, ya bi kowace lamba da bakin biro, ya sa aka nuna masa su a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, har da ɗari biyun da ke wutsiyar dubu goma sha tara. Sannan ya juya ga ƙaninsa.

“Zan sa. Amma daga yau makullin aljihun kuɗin shagon nan yana hannuna, har ashirin da biyar ga Yunin da ka zaɓa.”

Malam Shimfiɗa ya dubi agogon bango. Ya ce to.

Kwamiti ya amince ranar Alhamis. Amsar bankin layi huɗu ce, ɗaya daga ciki na sanar da kuɗin sake tsari, kashi ɗaya cikin ɗari na ragowar, abin da ya sa Yaya ya ce ashe su ma in sun zo kan nasu ba sa mantuwa. Injinan suna nan inda suke. A Yuli otal ya buɗe, a makare da mako biyu, kuma biyan farko ya fita da ƙyar.

Yaya kan iso shagon kullum bayan an tashi daga sito, ranar Asabar kuwa tun safe. Ya sa an kawo masa kujera mai hannu an ajiye kusa da kanta. Matar Malam Shimfiɗa, wadda aka zata za ta yi rigima a kan makullin, ta miƙa shi da hannu biyu, domin ta gano cewa yanzu masu cewa a rubuta musu sai ƙarshen wata da Yaya za su yi, kuma Yaya ba ya rubutawa. Da rana takan tara kuɗin a gwangwani, da yamma su ƙirga tare, suna hira a kan yadda wasu mutane ba su iya riƙe kuɗi ba, wasu mutanen kuma suna tsaye a bayansu suna guga. Kayan gidan Yaya duka a nan ake wanke su yanzu, har labule, kuma ba a taɓa ganin an ɗinka musu alamar biya ba.

Ranar ashirin da biyar ga wata Yaya ne ke ƙirga kuɗin banki ya sa a ambulan ya liƙe. Malam Shimfiɗa ne ke kaiwa, tunda sunansa ne a kan bashin. Yakan tsaya a gaban kantar shagonsa, hula a kai, Yaya ya buɗe aljihu ya ƙirgo masa kuɗin mota na zuwa da dawowa, ya ce ya taho da takardar shaida, in kuma an rage kuɗin mota ya kawo canji.